Wasiƙar Kawu: A Dunƙule Ko Wata-Wata?

Mai karatu, idan a gidanku akwai ma'aikacin gwamnati da ya doshi shekara 60 da haihuwa, ko ya kusa cika shekara 35 a bakin aiki, to ka san yadda gidan yake komawa. Kowa ya zama mai lissafi. Uwargida tana nata, amarya tana nata, babban ɗa ya riga ya gama kashe kuɗin a ransa tun kafin a gan su, su kuma dangi sai yawan zumunci ya tashi. Mutum ɗaya ne ba ya barci, shi ne mai kuɗin. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin wannan hali, kuma shi mutum ne da har yau bai yarda da maganar waya ba idan abu ya kai abu, sai dai takarda da biro. Ga abin da ya rubuto mini, na cire gaishe-gaishen mutanen gida don sun ci shafi guda:

"Zuwa ga Uwata,

"Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Dalilin rubuto miki wannan 'yar wasiƙa shi ne, kin san na kama aikin gwamnatin tarayya a 1991, ga shi lokacin ajiyewa ya zo. Na je ofishin kamfanin da ke riƙe da kuɗin fanshona, sun buga mini takarda cewa idan komai ya shigo, abin da na tara zai kai Naira miliyan 16. Suka ce in na karɓi miliyan 4 a dunƙule, za a riƙa ba ni dubu 96 duk wata. In kuma na ce sai miliyan 6, wanda shi ne iyakar abin da za su iya ba ni, to dubu 80 zan riƙa samu. Wani yaro ɗan inshora kuma ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in kawo musu ragowar su za su fi biyana, kuma har ƙarshen raina.

"Kin san gidan da nake ciki na haya ne, dubu 420 a shekara. Kangona yana nan a linta shekara bakwai, magini ya ce miliyan 4 da dubu 800 za su shigar da ni. Ana bina dubu 600 a ƙungiyar ma'aikata. Ɗan'uwanki ya nace in saya masa adaidaita sahu ya ba wani yana kawo balas. Ƙanwarki an sa rana. Auta yana aji uku na firamare. Ni kuwa ban taɓa riƙe miliyan guda tawa ta kaina ba. Ke kin saba lissafin ɗab'i da 'yan kasuwa, ki duba mini, kada ki ji nauyina. Wassalam. Ni ne naki, Kawunki."

Uwata yake ce mini don sunan kakarmu na ci. Wannan layin na cewa bai taɓa riƙe miliyan tasa ba, shi ya fi tsaya mini a rai, domin mutumin da ya yi shekara 35 yana ƙirga kuɗin gwamnati a ofishin akanta ne yake faɗin haka.

Kafin a shiga lissafi sai an warware wani ruɗani, don har yanzu mutanenmu da tsohon tsari suke auna komai. A da, ƙarƙashin dokar fansho ta 1979 da gyaran da aka yi mata daga baya, babu wani zaɓi da ma'aikaci zai yi. Wanda ya cika shekara 35 ana ba shi garatuti ninki uku na albashinsa na shekara, sannan a riƙa ba shi kashi 80 cikin ɗari na albashin a matsayin fansho har ya koma ga Mahaliccinsa. Biyun duka daga baitulmali suke fitowa, ɗaya ba ya rage ɗaya. A takarda abin gwanin daɗi ne. A zahiri kuwa wanda ya girma a shekarun 1990 ya ga tsofaffi a layin tantancewa da 'yan fayil-fayil ɗinsu a hammata, wasu ma a layin suke faɗuwa.

A 2004, zamanin Obasanjo, aka yi sabuwar doka, aka sake ta a 2014 zamanin Jonathan. Yanzu kusan kowane ma'aikacin tarayya yana da asusunsa na kansa, ana cire masa kashi 8 cikin ɗari duk wata, gwamnati ta ƙara kashi 10, wani kamfani ya riƙa juya kuɗin, hukumar PenCom tana sa ido. Shekarun da irin su Kawu suka yi kafin Yulin 2004 ana lissafa musu haƙƙinsu, gwamnati ta zuba a cikin asusun. To abin da kamfani zai miƙo wa Kawu a dunƙule, wanda mutanen gida suke ta kira garatuti, daga cikin wannan tukunyar za a ɗebo shi, kuma daga ita za a riƙa ɗebo na wata-wata. Duk ludayin da ka ƙara yau, ka rage na gobe. In gwamnati ta ba da wani kuɗin sallama daga aljihunta wannan daban ne, ba shi Kawu yake tambaya ba. Haka kuma ma'aikatan jiha irin na Kano da Jigawa tsarinsu daban ne, kada su ɗauki lissafin nan su ɗora a kansu.

Me ya sa aka tsayar masa a miliyan 6? Ƙa'idar ita ce abin da ya rage ya isa a riƙa biyan mutum kamar rabin albashinsa na ƙarshe. Albashin Kawu da ake lissafin fansho da shi dubu 160 ne, rabinsa dubu 80 ke nan, kuma sai an bar miliyan 10 a asusun kafin a iya fitar da dubu 80 ɗin. Mutane da yawa abin da suka tara bai kai ya ba su wannan sararin ba, sai su tashi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, su fito suna cewa an cuce su. Kawu dai ya taki sa'a yana da wurin motsi, kuma ba dole ne sai 4 ko 6 ba, yana iya tsayawa a tsakiya. A lissafin da aka buga masa, kowace miliyan guda da ya bari tana ba shi dubu 8 a wata, don haka in ya ɗauki miliyan 5 zai riƙa samun dubu 88.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a yi. Ƙarin miliyan 2 ɗin nan, nawa ne kuɗinta? Dubu 16 ne duk wata, wato dubu 192 a shekara. In ka raba miliyan 2 da dubu 16 za ka samu wata 125, shekara goma da wata biyar ke nan. Ashe in Allah ya ba Kawu rai ya wuce 70, daga nan duk watan da ya kama yana biyan kuɗin abin da ya riga ya ci ne. Mahaifinsu kuwa sai da ya haura 80. Ba wanda ya san gawar fari, amma mai hankali da tsawon rai yake lissafi, don wanda ya riga ya tafi ba shi da sauran cefane. Saboda haka duk abin da za a yi da wannan miliyan 2, sai ya zama yana dawo da abin da ya fi dubu 16 a wata, kuma ya ci gaba da dawowa da shi shekara da shekaru. Da wannan mudun na auna buƙatun da ya jero.

Na fara da adaidaita sahu, don ita ce ta fi daɗin baki. Ɗan'uwana ya ce miliyan 4 za ta sayi sabuwa, direba ya riƙa kawo dubu 5 kullum. Kwana 26 a wata, dubu 130 ke nan, ta ninka abin da miliyan 4 za ta bayar a asusun fansho har sau huɗu. Wa zai ƙi? To amma a zauna tukuna. Taya, da gyaran inji, da takardu, da ranar da aka kama ta, da ranar da direba ya ce matarsa ta haihu, a cire dubu 30 a wata, kuma na yi sassauci. Saura dubu 100. Sannan abin da masu wannan lissafi ba sa so a faɗa: mashin ɗin da yake hannun ɗan balas, ana dukansa safe da yamma, in ya yi shekara huɗu ya gode Allah. Ke nan a cikin abin da ake kawo maka, wajen dubu 83 duk wata uwar kuɗinka ce take dawowa a gutsure, ba riba ba ce. Ribar gaskiya ba ta wuce dubu 17 ba, sai ɗan abin da za a samu in an sayar da kwarangwal ɗin. Miliyan 4 ɗin da aka bari a asusu kuwa dubu 32 take bayarwa, ba ka bi kowa tasha ba. Kuma wa ya taɓa ganin gida mai mata biyu da 'ya'ya tara ya iya ware dubu 83 duk wata ya ce wannan ta sayen sabon mashin ce? Cinyewa za a yi, ranar da inji ya buga a wayi gari ba mashin ba kuɗi.

Ban da wannan ma, sana'ar da take kan titi tana hannun hukuma. Mu mutanen Kano ba mu manta Janairun 2013 ba, da aka wayi gari an hana acaɓa ɗaukar fasinja. Tsofaffi nawa ne suka zuba kuɗin sallamarsu a babura suka raba wa yara? Kowa a unguwarsu ya san wani. Su kuma masu zuwa da maganar kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin a ƙarshen wata, ba sai na ɓata tawada a kansu ba, wanda MMM ba ta koya wa hankali a Disambar 2016 ba, ni ba zan iya koya masa ba. Abin da na lura kawai shi ne sun fi kowa sanin ranar da ɗan fansho zai ga alat.

Maganar gida ita ce ta bambanta. Hayar Kawu dubu 420 a shekara, dubu 35 ke nan a wata. In ya ɗauki miliyan 4, ya biya bashin dubu 600, abin da ya rage miliyan 3 da dubu 400 ne, ba zai kammala ginin ba. Zai ci gaba da zama a haya, dubu 96 a cire 35, dubu 61 ce ta cefane. In kuwa ya ɗauki miliyan 6, ya biya bashi, ya zuba miliyan 4 da dubu 800 a gini, ya tare, to dubu 80 ɗinsa tasa ce gaba ɗaya, ga dubu 600 a gefe. Ka ga a nan ƙaramin fansho ya fi babban auki da dubu 19 duk wata. Wannan ma a farashin bana ne. Mai gida yana iya ƙara haya baɗi, shi kuwa fansho ba ya jin an yi ƙari a kasuwa.

A nan ne nake ganin tsofaffinmu suna da gaskiya da suke tsoron barin kuɗi a takarda. A 2019 mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne, a 2024 ya koma dubu 70. Wanda ya yi ritaya a 2019 da fanshon dubu 60 yana ganin ya ninka ƙaramin ma'aikaci, cikin shekara biyar sai ga shi a ƙasa da shi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kowace mace mai riƙe da kuɗin cefane ta san abin da ya faru da mudun shinkafa ba sai an karanta mata jarida ba. Dubu 80 ta yau, bayan shekara goma sunanta dai dubu 80, amma jakar da za ta cika a kasuwa ba ita ba ce. Rufin kwano kuwa ruwan da zai tare bana shi zai tare bayan shekara goma.

Amma fa akwai rami a wannan hanyar, kuma mai zurfi ne. In Kawu ya ɗauki miliyan 6 ginin bai kammalu ba, ya haɗa asara biyu: fansho dubu 80, haya dubu 35, ya koma rayuwa a kan dubu 45. Wannan ya fi kowane zaɓi muni. Kuma hanyar da ake faɗawa cikinsa sananniya ce. Magini ya faɗi kuɗi kaɗan don a fara, in an kai rabi ya ce ai ba a sa kuɗin wayarin da masai ba. Ko kuɗin ya kwana uku a banki, wannan ya zo da ta asibiti, wancan ya zo da ta makaranta, kai kuma ga kunya. Ko a yi ta jinkiri kaya su tashi, kamar yadda siminti ya kusa ninkawa tsakanin 2023 da 2024. Don haka na ce masa kada ya sa hannu a kan miliyan 6 sai ya kira wani magini na biyu wanda bai san na farkon ba ya yi nasa ƙiyasin a rubuce, ɗaki-ɗaki, sannan shi da kansa ya shiga kasuwa ya ji kuɗin bandir ɗin kwano da katako da ƙofofi. In ƙiyasin biyu ya haura miliyan 5 da rabi, to kuɗin ba za su kai ba, sai a sake shawara: a rufe ɗakunan da za a iya tarewa a ciki, a yi masai da ƙofar gida, filasta da fenti su jira. In kuma ya kai, to a makon da kuɗi suka shigo a makon za a sayi kaya a jibge a kangon. Kuɗin da ya zama kwano ba mai zuwa ya ce a ranta masa.

Bikin ƙanwata kuwa, na san za a ce na cika rashin kara, amma gado da kujeru da kwanukan jere ba sa dawo da ko sisi. A yi shi da gudunmawar dangi da adashin iyaye mata kamar yadda aka yi namu, Kawu ya sa abin da ya sawwaƙa daga dubu 600 ɗin, kada ya wuce rabi. Makka ma da yake ta ambato a baya, kujerar 2025 ta haura miliyan 8, ko duka dunƙulen ya bayar ba ta kai ba, kuma Allah bai ɗora wa wanda ba shi da iko ba.

Saura yaron nan ɗan inshora. Abin da ya rage a asusu hanya biyu ake bi da shi. Ta farko, a bar shi a hannun kamfanin fansho suna ci gaba da juyawa suna yanko maka duk wata. Kuɗin yana nan da sunanka, kana ganin abin da ya rage, in an samu riba mai kyau akan yi wa wasu ƙari kamar yadda aka fara a ƙarshen 2017, in ka rasu kuma abin da ya saura na magada ne. Aibinta shi ne tukunya ce mai gindi, in rai ya yi tsawo sosai tana iya yin ƙasa. Ta biyu, wadda suke kira anuwiti, ka miƙa wa kamfanin inshora kuɗin gaba ɗaya, su kuma su ɗauki alkawarin biyanka har ranar da ka bar duniya, ko shekara ɗari ka yi. Sau da yawa nasu na wata yakan ɗan ɗara, shi ya sa bakinsu yake da zaƙi. Sai dai kuɗin ya tashi daga naka. Shekara goma ta farko ce kawai aka lamunce: in mutum ya rasu a shekara ta shida, magada za su karɓi na shekara huɗun da suka rage, in ya rasu a ta goma sha ɗaya ba su da komai.

Ga mutumin da 'ya'yansa suka kama gabansu, kuma danginsa masu tsawon rai ne, wannan ta biyun ba abin ƙi ba ce, don ta raba shi da tsoron ƙarewar kuɗi. Amma Kawu yana da ɗan aji uku. Bayan shekara goma yaron nan ko sakandare bai daɗe da gamawa ba, ga uwarsa yarinya ce a kan uwargida. Ni a ganina mai irin wannan gida bai kamata ya sayar da gadon 'ya'yansa don ƙarin 'yan dubbai a wata ba. Wani abin kuma da ɗan inshorar bai faɗa masa ba a bakin ƙofa: wanda ya fara da kamfanin fansho yana iya komawa inshora daga baya in ya ga dama, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Tun da ƙofa ɗaya tana buɗewa ta baya ɗayar ba ta buɗewa, ai sai a fara shiga wadda ake iya fita. In ya kai 70, yara sun tasa, ya ga jikinsa da ƙwari, sai ya sake duba maganar.

Na san kuma abin da yake damun Kawu wanda bai rubuta ba, don mutum ne mai tsantseni, wato ina ake juya kuɗin nan, da ruwa ko ba ruwa. Tun 2021 akwai asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, wanda suke kira asusu na shida, ana zuba shi a irin su sukuk, kuma ɗan fansho yana da damar ya nemi a mayar da shi can. Sai mutum ya nema da kansa a rubuce, ba a kai kowa don an ga yana da gemu. Hukuncin inshora kuwa na bar wa malamansa, ni marubuciya ce.

Abu na ƙarshe da na ja masa kunne a kai shi ne tsakanin albashin ƙarshe da kuɗin farko. Shekaru da dama ma'aikatan tarayya sun sha zaman shekara guda ko fiye suna jiran gwamnati ta zuba haƙƙinsu na kafin 2004, kuma kafin ya shigo ba dunƙule ba na wata. A irin wannan zaman ne mutum yake cin bashin mai shago da mai gida da mai kemis, ranar da kuɗin suka zo rabinsu na mutane ne. Ko an ce yanzu abin ya yi sauƙi, takardar mutum ita kaɗai tana iya tsayar da shi. In ranar haihuwar da ke takardar kama aiki ta saɓa da wadda ke katin ɗan ƙasa, ko an rubuta Muhammadu a nan Mohammed a can, fayil ya kwanta ke nan sai an yi rantsuwa a kotu an bi ofis-ofis. Kawu akanta ne, na san takardar kama aikinsa ta 1991 da ta kowane ƙarin girma suna cikin leda a ƙasan akwati. Na ce ya fito da su tun yana da sauran wata shida a ofis, ya jera su kusa da katin ɗan ƙasa da takardar banki ya bi harafi-harafi, kuma ya duba sunan wanda ya rubuta a matsayin magaji a fom ɗin kamfanin, don lokacin da ya cika shi a 2005 bai auri amarya ba.